Shafi Biyu a Teburin Mai Girma: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Ya ku 'yan'uwana malamai, a taronmu na reshe da ya gabata an zagaya da wata takarda mai shafi biyu, aka ce a duba a yi tsokaci kafin a miƙa ta ga wani babban jami'in gwamnati. Takardar ta yi alƙawarin tattaro hujjojin bincike a kan dalilan da ke sa 'yan mata barin makaranta da wuri, domin jami'in ya yanke shawara a kansu. Na karanta ta a wurin taro, na sake karantawa a gida bayan sallar isha'i, kuma hankalina bai kwanta ba. Shi ya sa na nemi fili a wannan mujalla tamu in faɗi abin da ke raina, ko da zai sosa ran waɗanda suka wahala wajen rubuta ta.

Gajartar takardar ba ta dame ni ba. Babban jami'i yana da fayil-fayil a gabansa, ba zai zauna karanta rahoto mai shafi 80 ba, kuma wanda ya iya matse gaskiya a shafi biyu ya yi gwaninta. Amma gajarta tana da haɗarinta. Abin da aka sa a layin farko shi zai zauna a kan mai karatu, shi zai maimaita a taron majalisa, kuma shi za a ware wa kuɗi a kasafi. Abin da aka tura ƙasan shafi na biyu kuwa tamkar ba a rubuta shi ba ne. To, a layin farko na wannan takarda an rubuta cewa babban dalili shi ne auren wuri da al'ada, kuma babbar shawarar da aka bayar ita ce a ƙara wayar da kan iyaye ta rediyo da tarukan gari. Nisan makaranta da kuɗin da ake karɓa sun zo can ƙasa, a jimla ɗaya tilo. Ni kuwa ina ganin an jera abubuwan a kife, kuma zan bayyana dalilina.

Hujjar da takardar ta dogara da ita gaskiya ce, ba na musun ta. Binciken lafiya da yawan jama'a da aka gudanar a Najeriya a 2018 ya nuna cewa matan da ba su yi karatun boko ba, rabinsu sun yi aure kafin su kai shekara 16, yayin da waɗanda suka yi sakandare sai wajen shekara 22 rabinsu suke yin aure. Tazarar shekara shida ke nan. Sai dai wannan lissafi ya nuna mana abu biyu ne suna tafiya tare, bai gaya mana wanne ke jan wanne ba. Mai yiwuwa aure ne ya fitar da yarinya daga aji. Mai yiwuwa kuma yarinyar ta riga ta fita daga aji, ta zauna a gida shekara guda ba ta da abin yi, sannan aure ya zo ya same ta. A takarda duka biyun lamba ɗaya suke bayarwa, amma maganinsu ya sha bamban. Idan na farko ne, sai a yi wa uba wa'azi. Idan na biyu ne, wa'azin ba zai buɗe wa yarinya ƙofar ajin da babu shi ba.

Mu da muke riƙe da rajista mun san yadda ake samun kalmar aure a gaban sunan yarinya. Bari in ba da labarin wata ɗaliba da na koyar a aji shida, wadda ba zan ambaci sunanta ba. Tana cikin 'yan gaba-gaba a lissafi, kuma ta ci jarrabawar shiga ƙaramar sakandare. Garinsu ba shi da ƙaramar sakandare, sai wani gari mai nisan kamar kilomita shida, ta hanyar da ke ratsa gonaki da wani rafi da ke cika da damina. Zangon farko mahaifinta ya ɗinka mata inifom, ya biya abin da aka nema, tana bin yayanta suna tafiya tare. Da yayan ya gama ya tafi ci-rani, sai ya zama ba ta da abokin tafiya. Mahaifin ya gwada biyan kuɗin babur na 'yan makonni, ya ga abin ya fi ƙarfinsa. Ta fara fashin kwana biyu a mako, daga nan ta koma zuwa ranar Litinin kaɗai, kafin ƙarshen zango na biyu ta daina zuwa gaba ɗaya. Ta yi kusan shekara tana ɗaukar tallar mahaifiyarta. Sai bayan haka aka ɗaura mata aure. Da aka zo cika fom ɗin ƙidayar makarantu aka tambayi dalilin barinta, abin da kowa ya tuna shi ne biki, sai aka rubuta aure. Wanda zai tattara waɗannan fom-fom a birni ba shi da hanyar sanin cewa akwai rafi, akwai babur, akwai yayan da ya tafi ci-rani.

Mu yi lissafin da wannan uba ya yi, domin shi ne lissafin da ya kamata mai girma ya gani. Kilomita shida a ƙafar yarinya 'yar shekara 12 tafiyar awa ɗaya da rabi ce, zuwa da dawowa awa uku kullum. Idan babur za ta hau, mu ƙaddara naira 500 ne zuwa da dawowa a rana. A kwana 20 na karatu a wata, naira 10,000 ke nan a kan yarinya ɗaya, ban da abin karin kumallo, ban da littattafai. Mafi ƙarancin albashin da dokar ƙasa ta tsayar a 2024 naira 70,000 ne, wato ko ma'aikacin da ake biyansa cikakke, kashi ɗaya cikin bakwai na albashinsa zai tafi a kuɗin babur na 'ya ɗaya. Manomin da kuɗi ba ya shigo masa sai da kaka, mai 'ya'ya shida ko bakwai, me ake so ya yi? Idan dole ya zaɓi wanda zai taka wannan hanya shi kaɗai da sassafe, namijin zai tura, saboda yana tsoron abin da zai iya samun 'yarsa a daji. Wanda ya kira wannan tsoro jahilci bai yi wa mutumin adalci ba.

Wani zai ce labarin yarinya ɗaya ba hujja ba ne, kuma ya yi gaskiya. Hujjar da ke iya raba gardama ita ce wadda aka samo ta hanyar gwaji: a ɗauki garuruwa ko makarantu masu kama da juna, a yi ƙuri'a, a canza abu ɗaya a wasu a bar sauran yadda suke, sannan a jira a ga bambanci. An yi irin wannan a wurare da dama, kuma guda biyu sun ishe mu a nan.

Na farko an yi shi ne a lardin Gor na ƙasar Afganistan a tsakanin 2007 da 2008, wurin da Musulmi ne manoma, masu tsananin kula da fitar 'ya'ya mata, irin wurin da ake saurin cewa al'ada ce ta hana karatu. An ɗauki ƙauyuka 31, aka buɗe makaranta a cikin gari a guda 13 da ƙuri'a ta faɗa musu. Cikin shekara guda, a kowaɗanne 'yan mata 100 an sami ƙarin kimanin 52 da suka shiga makaranta, a maza kuma ƙarin kimanin 35. Iyayen su ne dai na jiya, malamansu na addini ba su canza ba, babu wanda ya sake musu al'ada cikin wata goma sha biyu. Tafiya kawai aka rage, kuma 'yan mata ne suka fi amfana.

Na biyu an yi shi a yammacin ƙasar Kenya daga 2003, a makarantun firamare 328. A wasu daga cikinsu an ba 'yan aji shida inifom kyauta. Bayan shekara uku, barin makaranta a tsakanin 'yan mata ya sauko daga kimanin kashi 19 cikin 100 zuwa kashi 16, ɗaukar ciki da ƙuruciya ya sauko daga kashi 16 zuwa 13, auren wuri ma ya ragu. A lura da inda kibiyar ta nufa. Ba a taɓa maganar aure ba, tufafi aka saya, amma aure ya ja baya. Wannan ya nuna cewa a wurin 'yan mata da yawa zama a makaranta shi ke jinkirta aure, kuma abin da ke yanke zaman nan wani lokaci bai wuce kuɗin yadi da ɗinki ba.

Dole in faɗi iyakar waɗannan hujjoji, domin kada in aikata laifin da nake zargin wasu da shi. Gwajin Afganistan a kan yaran firamare aka yi shi, alhali matsalarmu ta fi tsanani a mashigar sakandare, lokacin da yarinya ta fara girma. Raguwar da aka gani a Kenya kuma ƙarama ce, uku cikin ɗari, ba ta kawar da matsalar ba. Haka nan ban ce babu uban da ke cire 'yarsa daga aji ana tsakar zango don ya aurar da ita ba. Akwai su, na gansu, kuma na taɓa zuwa ƙofar gidan wani tare da mai unguwa muka dawo ba mu yi nasara ba. Abin da nake cewa shi ne takardar da ta yi iƙirarin taƙaita hujjoji wajibi ne ta bambance hujja mai ƙarfi da mai rauni, ta kuma gaya wa jami'i a fili cewa lissafin aure da karatu bai nuna wanda ya riga wani ba.

Wannan bambancewa tana hana ɓarnar kuɗi ta wata fuskar ma. Takardar ta ba da shawarar raba audugar mata a matsayin abin da zai tsayar da 'yan mata a makaranta. Raba ta alheri ne, kuma makarantar da ba ta da banɗaki mai ƙofa da ruwa ta ci mutuncin ɗalibanta da malamanta mata. Amma a wani bincike da aka yi a ƙasar Nefal, inda aka bi kwanakin zuwan 'yan mata ɗaya bayan ɗaya, an tarar abin da suke rasawa saboda jinin al'ada bai kai kwana ɗaya ba a shekarar karatu, kuma ba su kayan tsafta bai ƙara zuwansu ba. Ba lallai ne haka abin yake a wurinmu ba. Sai dai jami'in da aka sa wa rai cewa auduga za ta rufe ɓarakar, idan ya kashe kuɗi bai ga canji ba, zai ce ai an gwada, mutanen nan ne ba sa so.

Akwai kuma tsaro, wanda takardar ta ambata da kalma ɗaya ta wuce. An sace 'yan mata 276 a Cibok a watan Afrilun 2014, aka sace 110 a Dapci a Fabrairun 2018, aka sace 279 a Jangebe a Fabrairun 2021. Bayan sace-sacen 2020 da 2021 jihohi da dama sun rufe makarantun kwana na tsawon lokaci. A duba yadda wannan ya haɗu da maganar nisa. Makarantar kwana ita ce mafitar da aka daɗe ana ba 'yar ƙauyen da ba ta da sakandare a kusa. Da mafitar ta zama abin tsoro, sai aka bar uba da zaɓi biyu: hanya ta daji kullum, ko zaman gida. Duk takardar da ta kasa ganin wannan haɗi ba ta fahimci shekarun nan da muke ciki ba.

To, me ya sa aka fi son a sa al'ada a gaba? Ba na zargin kowa da mugun nufi, amma kowa ya san cewa bayanin da ya ɗora laifi a kan iyaye ba ya cin kuɗin gwamnati. Taron wayar da kai ana yin sa da rumfa da lasifika da ruwan leda, a ɗauki hoto a watse. Gina ajujuwa uku da ɗaukar malamai kuwa yana buƙatar kasafi, da sa hannu, da bibiya. Alhali doka ta riga ta faɗi wanda nauyin ke kansa. Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma wajibi ne. Ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin tallafa wa jihohi, da sharaɗin jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓa, kuma shekara da shekaru ana samun jihohin da kuɗinsu ke kwance a Abuja saboda ba su kawo kason ba. Dokar ta tanadi hukunci ga uban da ya ƙi kai ɗansa makaranta, wannan kowa yana ambatonsa. Amma ita dokar ta tanadi hukunci ga wanda ya karɓi kuɗi a kan karatun da aka ce kyauta ne, wannan kuwa ba a cika jin an ambata ba.

A nan sai mu juyo kanmu, domin laifi tudu ne. Kuɗin jarrabawa, kuɗin katin sakamako, kuɗin tsintsiya da alli, da hannun wa ake karɓarsu? Na san abin da za mu ce, cewa ba a aiko wa makaranta ko sisi na gudanarwa ba, kuma gaskiya ne. Amma ranar da aka kori yarinya gida saboda naira 300, a ranar aka koya mata cewa zaman gida abu ne mai yiwuwa. Sannan akwai abin da ya fi wannan ciwo. Yarinya ta shekara shida a hannunmu, uba ya miƙa mata takardar asibiti ta karanta masa, ta kasa. Wannan uba ya auna abin da ya gani ne, kuma da wuya a shawo kansa ya ƙara shekara uku da kuɗin babur a kan abin da bai ga amfaninsa ba. Ajin da ke da yara sama da 100 da malami ɗaya ba laifin malamin ba ne, amma malamin da ba ya shiga aji sai ƙarfe goma nasa laifin ne. Takarda mai gaskiya za ta faɗi duka biyun, kuma bai kamata ƙungiyarmu ta nemi a goge na biyun ba.

Da ni aka ba alƙalami, shafin farko zai fara ne da tambayar a wane aji ake rasa 'yan matan. Takardar da muka gani ta buɗe da adadin yaran da ba sa makaranta a ƙasa baki ɗaya. Ana yawan ambaton miliyan 10.5, ana kuma ambaton miliyan 20, kuma bambancin ya samo asali ne musamman daga shekarun yaran da kowane lissafi ya ƙunsa, domin na biyun ya haɗa har da 'yan shekarun babbar sakandare. Irin wannan adadi yana girgiza zuciya amma ba ya nuna wa jami'i inda zai sa hannu, ga shi kuma ya cakuɗa yarinyar da ba ta taɓa shiga aji ba da wadda ta shiga ta fita. Abin da zai amfane shi shi ne bin sawun rukuni ɗaya. A ɗauki sunayen 'yan matan da suka gama aji shida bara a kowace firamare ta ƙaramar hukuma, a je rajistar ajin farko na ƙaramar sakandare a nemi sunayen ɗaya bayan ɗaya, sannan a koma a zango na uku a ga nawa suka rage. A gefen kowace firamare a rubuta nisanta da sakandare mafi kusa.

Ga yadda za a karanta sakamakon. Mu ƙaddara firamare biyu kowacce ta yaye 'yan mata 40. Ta cikin gari, mai sakandare a bayan katangarta, an sami 32 sun wuce. Ta ƙauye, mai nisan kilomita shida, an sami 12. Idan mutanen garuruwan biyu dangin juna ne, masu addini ɗaya da sana'a ɗaya, to da wuya a ce al'ada ce ta haifar da tazarar 20. Idan kuwa aka tarar har a makarantar da ke kusa 'yan mata suna zubewa, sai a san akwai wani abu dabam, a koma kan kuɗi, ko ingancin koyarwa, ko auren kansa. Ga waɗanda suka fita kuma, kada a tambayi dalili da kalma ɗaya. A tambayi wata biyu: watan da ta daina zuwa, da watan da aka ɗaura aure, idan an ɗaura. Tazarar da ke tsakanin watannin nan ita za ta raba gardamar da ke tsakanina da marubutan takardar, kuma idan ta nuna ni ne na yi kuskure zan dawo wannan shafi in faɗa.

Shafi na biyu kuwa kada ya wuce shawara uku, kowacce da kuɗinta, da ofishin da zai aiwatar, da ranar da za a duba. Ta farko, a buɗe ajujuwan ƙaramar sakandare a harabar firamaren da lissafi ya nuna sun fi nisa, a fara da mafi muni, a tura malamai har da mata. Ta biyu, a riƙa aiko wa kowace makaranta kuɗin gudanarwa a farkon zango, sannan a hana karɓar ko kwabo daga yara, domin hanin da bai zo da kuɗi ba takarda ce kawai. Ta uku, a biya kason jiha a karɓo abin da ke kwance. Wayar da kai tana da gurbinta bayan waɗannan, lokacin da limami ko mai gari zai iya nuna wa uba aji da yatsa ya ce ga shi nan, kai ta.

Saboda haka ina roƙon shugabannin reshe kada su sa hannun ƙungiya a kan takardar nan yadda take. A mayar da ita tare da gyara, kuma a nemi jinkirin zango ɗaya. A cikin wannan zango, kowane shugaban makaranta da malamin aji shida su fito da rajistar bara su yi bin sawun da na bayyana. Aikin bai wuce yammaci biyu ko uku ba, kuma iyalanmu da ke karanta wannan mujalla, musamman iyaye mata da suka san gidan kowa, za su iya gaya mana watan da kowace yarinya ta daina fita da jakarta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma rajistar nan a hannunmu take. Ni na riga na fara da ajina, kuma zan kawo jerin nawa taron wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.